Mai shago ya mayar da kuɗin hayata dala, in sa hannu ko in tattara kayana?

Assalamu alaikum Malama. Ina da shagon leshi da atamfa da kayan lefe a Wuse 2, Abuja, shekara huɗu ke nan. Bana naira miliyan 14 na biya. Saura wata huɗu hayar ta ƙare, sai dillali ya kawo sabuwar yarjejeniya ta shekara uku: dala 12,000 duk shekara, "ko kwatankwacinta a naira bisa farashin canji na ranar biya". Ya ce 'ya'yan mai shagon a waje suke karatu, shi ya sa. Ni kuwa ko sisin dala ba ya shigowa cikin cinikina. Maigidana ya ce in sa hannu kawai tunda dala ta lafa, kada in rasa wurin da kowa ya san ni. Wata ƙawata ta ce doka ta haramta wannan, in kai ƙara. Barci ya gagare ni. Me zan yi?

Wata 'yar kasuwa, Abuja

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki sa hannu a kan takardar yadda take, kuma kada ki fara da ƙara. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi, kuma wata huɗu ya isa a yi ciniki a natse idan kika fara a wannan makon.

Bari mu fara da abin da ya hana ki barci, domin tsoronki yana da tushe. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A tsakiyar watan Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya saki naira, ta wuce 700 cikin 'yan kwanaki. Kafin watan Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500 a hukumance, a kasuwar bayan fage kuma ta doshi 1,900. Wanda ke da haya ta dala 12,000 a farkon 2023 yana neman kimanin naira miliyan biyar da rabi ne. Bayan shekara guda, shago ɗaya, ƙofa ɗaya, miliyan 18 yake nema. Ba wanda ya ƙara masa haya a takarda, amma ta ninka fiye da sau uku. Gaskiya ne kuma a watan Afrilun 2024 naira ta farfaɗo har ta kusa 1,100 na ɗan lokaci kafin ta sake zamewa. Don haka maigidanki bai yi ƙarya ba da ya ce akwai lokacin da dala ke lafawa. Sai dai yarjejeniyar ta wata 36 ce, kuma babu mai iya yi miki alkawarin farashin wata 36, ko ni ko shi ko dillalin.

Ga lissafin da nake so ki riƙe a ka. Zan ɗauki dala a kan naira 1,500 don sauƙi, ke kuma ki sa farashin ranar da kika zauna da biro da takarda. A 1,500 hayarki miliyan 18 ce, wato tun kafin dala ta motsa an riga an ƙara miki miliyan huɗu a kan ta bana. Wannan ƙarin daban ne, a yi cinikinsa daban, kada maganar dala ta rufe shi. Daga nan duk naira 100 da dala ta hau, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ce ta hau kanki. In ta kai 1,900, miliyan 22 da dubu 800 za ki nemo. Abin da ya fi damuna a lamarinki kuwa shi ne sana'ar taki. Leshi da shadda da yawancin kayan lefe daga waje ake shigo da su. Ranar da dala ta tashi, sari zai yi tsada, masu aure za su rage akwatuna, hayar kuma ta tashi, duk a wata guda. Wanda albashinsa da dala yake zuwa, irin ma'aikatan wasu ofisoshin jakadanci, hayar dala ba ta taɓa shi. Ke kuwa sau uku za ta buge ki a wuri ɗaya.

Saboda haka kafin ki ga dillali, ki buɗe littafin shago ki fitar da adadi guda: nawa ne iyakar hayar da shagon zai iya biya a shekara bayan an cire sari da albashin yara da wuta, kuma ba ki taɓa jari ba? A ce kin samu miliyan 20. Ki raba da 12,000, zai ba ki kimanin 1,667. Ma'ana duk ranar da dala ta wuce naira 1,667, daga uwar kuɗi kike biyan haya. Wannan lambar ce za ki shiga ciniki da ita, kuma ita za ki nuna wa maigida. Ina ganin ba taurin kai yake yi ba, tsoron rasa kwastomomi yake yi, kuma tsoron nan ma gaskiya ne. Idan ya ga lambar a rubuce, muhawarar za ta tashi daga "dala ta lafa ko ba ta lafa ba" ta koma "in ta kai nan, daga ina za mu cike?"

Maganar ƙawarki tana da ƙamshin gaskiya. Dokar Babban Banki ta 2007 ta ce naira ce kuɗin ƙasa, kuma sashe na 20 ya tanadi tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya ƙi karɓar naira. A watan Afrilun 2015 Babban Bankin ya fitar da takardar da ta hana sa farashin kaya ko hidima da kuɗin waje a harkokin cikin gida, daga baya ya ware wasu ɓangarori kamar sufurin jiragen sama da na ruwa da harkar man fetur da yankunan ciniki marasa shinge. Hayar shagon atamfa ba ta cikinsu. A Fabrairun 2024 hukumar EFCC ma ta kafa runduna ta musamman kan masu caji da dala. Wannan ne ya sa masu rubuta irin takardar taki ke liƙa "ko kwatankwacinta a naira", don a ce ai ba a ƙi naira ba. Amma ki lura da iyakar wannan makamin. Doka ba ta tilasta wa mai shago ya sabunta miki haya ba. In kika tayar da ƙura yau, abin da ya fi sauƙi gare shi shi ne ya jira wa'adi ya cika ya ce yana son wurinsa, ko ya rubuto miki miliyan 25 a naira, wanda babu dokar da ya taka. Kuma kada ki sa hannu da niyyar daga baya ki ce yarjejeniyar ba ta halatta ba don haka ba za ki biya ba. Shari'a ce mai tsawo da tsada, kina yin ta kina cikin shagon mutum, kuma ba ki da tabbacin yadda za ta ƙare. Amfanin dokar a gare ki shi ne ta ba ki dalili mai mutunci na cewa, "Alhaji, don kariyar mu duka, a rubuta da naira."

Shi ma mai shagon a duba masa. In da gaske yana tura kuɗin makaranta waje, to ya ɗanɗana abin da kike tsoro ta ɗaya gefen: miliyan 14 ɗin da kika ba shi tana sayen dala kaɗan a kan yadda ya saba. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da yake nema shi ne kada hayar shekara ta uku ta zama ba komai a hannunsa. Wannan buƙata ce da za a iya biya ba tare da an jibga miki dukkan haɗarin ba. Kuma kina da abin sayarwa: shekara huɗu kina biya a kan lokaci. In kika tashi shagon ya zauna wata uku babu kowa, ya yi asarar miliyan huɗu da rabi a kan farashin da yake nema, ban da fenti da gyara.

Tayin farko da zan so ki kai shi ne haya da naira zalla, da ƙarin da aka sani tun yau. Misali miliyan 18 a shekarar farko, in ba ki samu ragi ba, sannan ƙarin kashi 10 cikin 100 duk shekara: miliyan 19 da dubu 800 a ta biyu, miliyan 21 da dubu 780 a ta uku. Ki raba kowanne da 12,000 ki ga abin da kike ba shi a fakaice: kamar kin amince da dala a 1,650 a shekara ta biyu, da 1,815 a ta uku. Ki faɗa masa haka ɓaro-ɓaro, domin masu gida da yawa ba sa yin wannan lissafin. Ba zan ɓoye miki aibin wannan hanyar ba. In naira ta yi ƙarfi dala ta sauko 1,300, za ki biya fiye da wanda ya karɓi hayar dala, kuma ranar maigida zai tuna miki. Wannan bambancin shi ne kuɗin barcinki. Ki kuma lura shekara ta uku ta haura miliyan 20 ɗin da muka ce shagon zai ɗauka, don haka ko dai ki nemi ƙarin ya zama ƙasa da kashi 10, ko ki tabbata cinikinki na ƙaruwa da kwatankwacin haka.

In ya dage sai an jingina hayar da dala, to a nan aikin yake, kuma duk yana cikin jimlar nan ta "farashin canji na ranar biya". Farashin wa? A rana guda akwai wanda Babban Banki ya wallafa, akwai na bankinki, akwai na 'yan canji a Zone 4, akwai wanda dillali ya gani a wayarsa. A wasu lokutan tazarar 'yar kaɗan ce, amma a farkon 2023 ta hukuma tana 460 ta bayan fage tana sama da 700. A kan dala 12,000 irin wannan tazarar ta kai wajen miliyan uku. Jimlar da ba ta faɗi tushe ba, mai karɓar kuɗi ne ke fassara ta. Sai a rubuta ƙarara cewa farashin da Babban Banki ke wallafawa a shafinsa a ƙarƙashin NFEM, wato kasuwar canjin kuɗin waje ta hukuma, shi ne ma'auni, a kuma ƙara cewa in an sauya wa kasuwar suna, wadda ta gaje ta ce ma'auni. Ba ƙaƙale ba ne, sunan wannan kasuwa ya sauya fiye da sau ɗaya tun 2023.

Sai ranar. Kada ki yarda da farashin yini ɗaya, domin yini ɗaya yana iya faɗowa a makon da kasuwa ta haukace. A ɗauki matsakaicin farashin kwana 30 kafin ranar da haya ta cika, a haɗa a raba. Kuma ranar cikar haya ce za a rubuta, da kwanan wata, ba "ranar da mai gida ya nema" ba. Ki yi hattara da wata jimla, ki duba da ido biyu: wadda ke cewa hayar ba za ta gaza naira kaza ba, ko a ɗauki "wanda ya fi yawa" tsakanin farashi biyu. Wannan ƙofa ce mai buɗewa gefe ɗaya. In dala ta hau ki biya, in ta sauka ba ki ga komai ba. In har zai ci ribar hawa, ke ma ki ci ta sauka.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne shinge, wato iyakar sama da iyakar ƙasa. Ku amince cewa farashin da za a yi lissafi da shi ba zai wuce kashi 10 sama ko ƙasa da 1,500 ba. Sama 1,650, ƙasa 1,350. Hayar shekara ta biyu ke nan ba za ta wuce miliyan 19 da dubu 800 ba ko dala ta kai 2,000, ba kuma za ta gaza miliyan 16 da dubu 200 ba ko ta faɗo 1,000. Iyakar ƙasan ita ce abin da kike ba shi a madadin ta sama, ita ce za ta sa tayin ya zama ciniki ba roƙo ba. Akwai wani ɗan tarko a shekara ta uku da mutane ke faɗawa. Za a ce a sake auna kashi 10 ɗin, amma daga ina? In daga farashin kasuwa na lokacin ne, a ce 1,900, to shingenki ya koma 2,090 kuma bai tsare komai ba. Ki sa a rubuta cewa daga farashin da aka yi lissafin bara da shi ake aunawa. In bara 1,650 ne, bana iyaka 1,815.

Wataƙila ya ce shingen ya matse shi. To ki sauko mataki ɗaya: abin da ya haura shinge a raba biyu. In matsakaicin ya fito 1,900, abin da ya haura 1,650 naira 250 ne, ki ɗauki 125 ya ɗauki 125. Za a yi lissafi a 1,775, ki biya miliyan 21 da dubu 300 maimakon miliyan 22 da dubu 800. Tunda a wannan tsarin babu iyaka ta ƙarshe, dole ki haɗa shi da ƙofar fita: in farashin lissafi ya wuce adadin da kuka rubuta, kina da damar ba da sanarwar wata uku ki tashi ba tare da tara ba, a kuma mayar miki da ragowar kuɗin watannin da ba ki zauna ba. Idan ya ƙi naira, ya ƙi shinge, ya ƙi rabawa, ya ƙi ƙofar fita, to ki sa hannu a shekara ɗaya kacal a farashin da aka ƙayyade yau, ki yi amfani da shekarar wajen neman wani wuri da sanar da kwastomominki a hankali. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ki bi sauran shafukan ma, domin dala takan ɓuya a can. Kuɗin hidima na dizal da gadi da shara da naira ake kashe su, babu dalilin a jingina su da dala. Ladan dillali da na lauya in kaso ne na haya, a ƙayyade su da naira sau ɗaya, kuma ki tambaya ko ya dace a karɓi cikakken ladan dillanci a kan sabuntawa, tunda ba wanda ya nemo miki shagon a wannan karon. Kuɗin ajiya na ɓarna kuwa, in an karɓe shi a ma'aunin dala a mayar miki a ma'aunin dala. Na sha ganin an karɓa da lissafin dala, ranar mayarwa a tuna da naira.

Biyan kansa ki yi shi da naira ta banki, zuwa asusun da aka rubuta a yarjejeniya, ba tsabar dala a ambulan ba. Rasit ya nuna farashin da aka yi amfani da shi da kuma cewa an biya hayar wannan shekarar cikakkiya, don kada bayan mako biyu a dawo a ce dala ta motsa akwai ciko. Wannan ya yi daidai da abin da malamai ke kafa hujja da shi daga hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda yake sayar da raƙuma da dinari ya karɓi dirhami: an halatta masa a kan farashin ranar, muddin ba a rabu da sauran wani abu a tsakani ba. In zuciyarki na son ƙarin natsuwa ta wannan fuskar, ki kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki takardar ya duba, musamman batun sanin adadin haya tun farko.

Saura tanadi, kuma ya danganta da abin da kuka ƙulla. In kin samu naira zalla ko shinge, ba ki buƙatar sayen dala ko ɗaya. Ki raba iyakar sama gida 12, wato naira miliyan ɗaya da dubu 650 duk wata, ki ajiye a asusu daban da na sari. In kuwa hayar ta zauna a buɗe, sai ki riƙa sayen dala 1,000 duk wata ta banki ko wurin 'yan canji masu lasisi ki zuba a asusun dala, yadda farashinki zai zama matsakaicin shekara maimakon na mako ɗaya. Wannan ba kyauta ba ne. Za ki saya a farashin sayarwa ki mayar naira a farashin saye, tazarar ta tafi, kuma in naira ta yi ƙarfi ajiyar za ta rage daraja, ko da yake hayar ma za ta sauko tare da ita. Dillali zai iya kawo miki shawarar biyan shekara biyu a dunƙule a farashin yau. Yana kulle farashi kam, amma miliyan 36 ce za ta fita daga jarin da ke juyawa, kuma in aka sayar da ginin ko rigima ta taso, kuɗinki na hannun wani. Ban ba ki shawarar haka ba sai in an yi miki ragi mai kauri kuma an rubuta cewa duk wanda ya sayi ginin yarjejeniyar ta hau kansa.

Ki ɗauko tsohuwar yarjejeniyarki yau ki duba abu biyu: ko tana da sharaɗin sabuntawa da ya faɗi yadda za a ƙara haya, da kuma tsawon sanarwar tashi. A Abuja mai hayar shekara-shekara yana da sanarwar wata shida in ba a rubuta wani abu daban ba, amma wanda hayarsa ke da ranar ƙarewa a rubuce yakan samu sanarwar kwana bakwai ne kawai bayan wa'adi ya cika, kafin a tafi kotu. Wanne ne naki, lauyanki ne zai faɗa miki, naki na kanki, ba wanda ya rubuta wa mai shago takarda ba. Daga nan ki nemi ganin Alhajin ido da ido ko ku yi waya, maigida na gefenki, domin dillali ladansa na ƙaruwa ne in haya ta ƙaru. Ki je da tayin naira a rubuce a shafi ɗaya, na shingen kuma ki bar shi a jaka sai an ƙi na farko. Kafin ranar, ki taka da ƙafarki ki tambayi kuɗin shaguna biyu ko uku a layinku da kewaye, ki rubuta adadinsu a bayan takardar.